Tasar Da Na Mayar Ranar Suna

Masu karatu, kun dame ni da tambayar abin da ya raba ni da Maliki. Wasu sun ce asiri ne, wata baiwar Allah har ta rubuto cewa dama namiji ba ɗan goyo ba ne. Ku sauke masa laifi. Yau zan faɗi abin da nake ta kewayewa, in kun ga dama ku ci gaba da bibiyata, in kun ga dama ku tsine mini. Ni Riskuwa, 'yar Malam Abdussamadu na Nassarawa a Birnin Kebbi, ɓarauniya ce. Na ce "ce", ban ce "a da" ba, kuma za ku ji dalili.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina 'yar shekara sha bakwai, sana'ata jere. 'Yan yanzu ba ku san jere ba, kun san kujeru da labule. A zamaninmu darajar amarya tana jikin bango: samira, kwalla, langa, farantai da tasoshi, a ɗora su a kabad tun daga ƙasa har su kusa taɓa rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, fure yana kallon fure. Ba kowace mace ta iya ba. Wadda ta koya mini ita ce Yaya Laure, wata bazawara 'yar Argungu da ke zaune a unguwarmu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dubi bango sau ɗaya ta riga ta san inda kowane kwano zai zauna. Ita ke tsara, ni ke hawa kan turmi ina ɗorawa, don ba ni da nauyi.

A kan turmin nan na koyi abin da ba ta koya mini ba.

Ga yadda abin yake. Ana ƙirga kayan amarya a gidansu, gaban gwaggonni. Daga nan a loda su a a-kori-kura, mata ashirin su yi ta sauke su cikin guɗa da hayaniya. Ɗaki ba ya ɗaukar kayan 'yar masu hali duka, don haka ragowar akan zuba su cikin manyan kwalla a rufe, a ɗora can sama. Ba mai sake buɗe su sai an zo wankin jere gab da Sallah, wata shida ko fiye. In an ga ɗaya babu, a ce mota ce, ko yaran maƙwabta, ko dama can ba a ƙirga daidai ba. Ni kuwa kullum da 'yar kwallata nake zuwa, mai tsummokara da guduma da ƙusoshi. In za mu tafi a cika mini ita da cincin da alkaki. Wa zai tona ƙarƙashin alkakin 'yar malam?

Har dokoki na kafa wa kaina, don ɓarawo ma yana son ya ji shi mai tsari ne. Ba na taɓa kayan 'yar talaka, ba don tausayi ba, don uwarta ta san kowane murfi kamar 'ya'yanta. Ba na taɓa kayan gado. Ba na ɗaukar biyu a ɗaki ɗaya. Ba na sayarwa a Birnin Kebbi. Sai na tara uku ko huɗu in ce zan je gaida gwaggona a Argungu, in biya gidan wata dillaliya, Hodi, wadda ba ta taɓa tambayata inda na samo ba.

Kada ku ce yunwa ce. A gidanmu ba a kwana da yunwa. Na fara ne da haushin cewa hannuna ke gyara ɗakin kowa, alhali abin da Inna ta tara mini bai cika ƙarƙashin gado ba. Daga baya haushin ya tafi, daɗin ya zauna. In na fito daga gidan biki da abu a ƙarƙashin alkaki, ana mini Allah-shi-yi-albarka, wani sanyi nake ji a ƙirji wanda ban taɓa samun irinsa a wani wuri ba. Na faɗa muku yau ba ɓoye-ɓoye.

Shekara biyu ina haka, sai bikin Aminatu, 'yar Hajiya Baiwa.

Cikin kayanta akwai wata tasa ta jan ƙarfe, tsohuwa, mai zanen ganye a baki, gindinta da 'yar lotsawa. Tun da na ɗaga ta na ji nauyinta, raina ya biya. Na san ta gado ce, na san dokata ta hana, na dai sa ta ƙarƙashin tsummokara. Ban san a cikinta ake zuba wa kowace amaryar gidan turaren wuta ranar buɗar kai ba, tun daga kakar Hajiya. Kwana uku kacal aka neme ta.

Aka sauke jere gaba ɗaya, babu. Hajiya Baiwa ta aika aka kira mu. Tsakar gida cike da mata, ni ina sanye da atamfata shuɗiya.

"Mutum biyu sunka taɓa kayan sama," in ji Hajiya. Ta dube ni, ta kawar da kai. "Ke Riskuwa koma gehe, mun san gidan da kinka hito. Laure, ina tasata?"

"Hajiya, ban ɗauka ba."

"To a tai a dibi ɗakinta."

Aka tafi. Aka zazzage akwatinta a tsakar gidan da take haya, aka kwance ƙullin zannuwanta, har katifa aka farke. Ba a sami komai ba, amma wa ya damu? Aka ce ta riga ta kai Argungu. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta rantse, wata tsohuwa ta ce wanda ya iya sata ya iya rantsuwa. Duk ina tsaye. Har ruwa na miƙa mata da aka dawo gidan Hajiya ta zauna a bakin rijiya tana haki, ta karɓa ta ce, "Na gode, ƙanwata."

Kafin wata ya ƙare ba mai kiranta jere. Ta tattara ta koma Argungu, gidan ƙanenta. Ni kuwa aiki ya dawo hannuna kacokan.

Na kai wa Hodi tasar. Ta juya ta, ta shafa lotsawar, ta turo mini da ƙafa.

"Ɗauke abinki. Kayan gado ido ag gare su. Wagga ko Yamai kinka kai ta, sai ta kira mai ita."

Haka na dawo da ita, na naɗe a tsohon zane, na tura ƙasan akwatina, a gidan da ake karatun Alƙur'ani safe da yamma.

Na daina sata. Ina so in ce muku nadama ce, amma tsoro ne tsagwaronsa. Wata takwas hannuna bai ɗauki ko cokali ba. Da ƙura ta lafa, a wani jere a Tudun Wada, na ga wata 'yar samira mai furen ja a cikin kwalla. Ban ma yi shawara ba. Sai a hanya na ji nauyinta a ƙarƙashin cincin, na tsaya a gindin wata bishiyar bedi ina tambayar kaina yaushe na ɗauka. Ranar na fara jin tsoron kaina, ba tsoron mutane ba.

Zuwa Argungu kuwa ban fasa ba, kuma duk zuwa sai na biya wurin Yaya Laure. Me ya sa? Ni ma na daɗe ban sani ba. Ina jin so nake in ga ko ta gane. Nakan same ta tana gyaran shinkafa ta sayarwa, hannun nan da ke tsara bango ya yi kaushi. In ta shiga gidan suna, mata sai su fara jawo jakunkunansu kusa, don haka ta daina fita. Ni kaɗai ke zuwa daga Birnin Kebbi.

A nan Maliki ya gan ni. Ƙanenta ne, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Fataucin albasa yake yi, yana saro ta daga Augie a wata tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi. Baƙi, mai wushirya, kullum hularsa a karkace, kullum yana ba da haƙuri kan warin albasa. Bai yi boko ba, don haka ba wasiƙa yake aiko mini ba, kaset yake ɗauka ya ba gwaggona ta kawo. Nakan rufe ɗaki in sa a rediyon Inna, in rage murya.

"Riskuwa, ina gaisuwa. In kin ji jaki na kuka, ba ni ba na, Augie nike." Sai ya yi dariya shi kaɗai. Can muryarsa ta sauka. "Ni ba kyawonki yaj ja ni ba, ko da shike akwai shi. Duniya duk ta guji Yaya, ke ɗai ba ki guje ta ba. Macen da ta yi haka, ita nika so ta riƙa mani gida."

Na mayar da kaset ɗin baya na sake ji, har sau biyar, ina kuka. Na so shi, wallahi na so shi. Kuma abin da yake so a jikina, shi ne ƙaryar da ta fi kowace girma.

Da ya aiko magabatansa, Inna ta ce sam.

"Ƙanen ɓarauniya? Ɗiyar malam guda? A tai biki a riƙa ɓoye cokula in danginki sun shigo?"

"Inna, ba a kama ta da komi ba."

"Ke ar rufa mani baki. Kin cika tausai, shi ka cutar ki."

Baba ya ce zai yi istihara. A kwanakin ne wata safiya na kai masa kunu a zaure, bayan ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na ce wata ƙawata ce ta aiko ni da tambaya: wanda ya ɗauki kayan mutane, yaya zai tuba?

Ya ajiye ludayi. "Shi bari, shi yi nadama, shi ƙudurta ba shi komawa. Sannan shi maida ma mai abu abunai. Istigfari ba shi wanke haƙƙin wani."

"Dole sai ya hwaɗi shi na?"

"A'a. In ya maida a ɓoye ya wadatar, Allah na son sutura." Har na fara miƙewa da murna, ya ƙara da cewa, "Sai in an zargi wani da laihin. Nan kam abu biyu yaɗ ɗauka, kaya da mutunci. Mutunci kuwa ba a maida shi a ɓoye. Inda anka zubar da shi, nan a ka kwashe shi."

Na ce to. Na ɗauki rabin farko na fatawar, na bar masa rabin na biyu a zaure tare da kwanon kunu.

Azumi ya kawo jiki, lokacin wankin jere. Na shiga mayar da kaya. Hanyar da na bi na fitar da su, ita na bi na shigar: ƙarƙashin tsummokara, kan turmi, cikin kwalla. Na yi ta ɗinkin hula ina sayen irinsu a kasuwa. Wasu furen ya ɓace daga kasuwa, na sa mai kama da shi. Wasu gidajen amaren sun bi mazansu Legas ko Kaduna. Wasu kuwa, abin kunya, na manta me na ɗauka. Kuma kada ku ɗauka hannuna ya mutu. A ɗakin da na mayar da faranti, a nan idona ya faɗa kan wata kwalbar turare, sai da na sauko daga turmi na fita na wanke fuska. Daga ranar na daina zuwa da kwallata mai murfi, na koma ɗaure tsummokara a faifai, kowa na gani. Na kuma daina yarda a bar ni ni kaɗai a ɗaki, in ce ina jin jiri, wata ta tsaya ta riƙe mini turmi. Da Hodi ta ga na daina kawo kaya, ta yi dariya ta ce, "Hutu kika yi, ɗiyata. Ƙohwata a buɗe take."

Saura tasa.

Bayan Sallah Aminatu ta yi haihuwa ta biyu. Na ce ga dama. Na fito da tasar ta yi baƙi-baƙi, na ji kunyar mayar da ita haka, na zauna na goge ta da toka da tsamiya har ta ɗau ido. Na naɗe ta a farin ƙyalle, na kifa ta yadda baki ba zai karce ba. Da hantsi ranar suna na shiga gyara wa mai jego ɗaki, na zura ta cikin babbar kwalla ta sama. A lissafina sai wata Sallar za a gan ta, a ce dama tana nan, idon mutane ne ya tsallake. Na fito ina jin kaina sakayau kamar wadda ta sauke tulu.

Abu biyu ban sani ba. Ban san baƙi za su yi yawa har a sauke manyan kwalla don zuba tuwo ba. Ban kuma san Maliki ya shafe mako yana lallashin yayarsa ta zo barka ba, wai ɓoyewa ce ke ƙara mata zargi, ta fito ta nuna ba ta da abin kunya.

Da azahar ta shigo, cikin wani leshi ruwan toka da ta daɗe ba ta sa ba, da sabulu biyu a hannu. Ta shiga ɗakin ta ɗauki jariri, ta yi addu'a, ta fito. Ko rabin sa'a ba a yi ba aka sauke kwallar.

"La'ilaha! Ga tasar Hajiya!"

Sai wata ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ikon Allah. Laure ta zaka, tasa ta zaka." Wata shaƙiyyiya ta rangaɗa guɗa.

Hajiya Baiwa ta warware ƙyallen, ta duba lotsawar, ta dubi Yaya Laure. "To, Allah shi karɓi tubarki. Da kin kawo mani hannu da hannu da ya hi."

Yaya Laure ba Hajiya take kallo ba. Tasar take kallo, da ƙyallen, da yadda take walƙiya. Sannan ta ɗaga ido ta dube ni, ba da daɗewa ba, ta gyara mayafi ta fita. A da zargi ne kawai, mai shakka yana iya shakka. Ni da hannuna, da niyyar gyara, na mayar da shi tabbas. Kuma karo na biyu ina tsaye, bakina a rufe.

Mako guda bayan haka Baba ya kira ni da Inna. Ya ce ya bincika, yaron ba shi da aibu, kuma rai ba ya ɗaukar laifin wani rai. Ya ba shi ni. Inna ta yi kuka ta gaji, ta kafa sharaɗi ɗaya: Laure ba za ta taka ɗakina ranar jere ba. Aka sa rana, bayan girbin shinkafa.

Kun gani? Na tsira. Tasa ta koma, miji ya samu, ba mai nemana. Da zan yi shiru, da yanzu jikokin Maliki nake goyo.

Kaset ya zo. Wannan karon ba dariya. "Na ji sharaɗin Inna. Na gaya ma Yaya, ina jin kunya kamar in nutse. Ta ce ba komi, dama ba ta zuwa, kada wani abu shi ɓace a ɓata maki biki. Riskuwa, ita ta goye ni. Amma na yarda, don ke."

Ba ranar na tafi ba. Mako uku na yi ina kai-kawo. Sau biyu ina isa ƙofar Hajiya Baiwa in wuce kamar an aike ni gaba. A ƙarshe na zaɓi mai sauƙi: in je Argungu in gaya wa Yaya Laure ita kaɗai, ta yafe mini, mu binne maganar.

Na same ta da la'asar tana sheƙar shinkafa. Na durƙusa, na faɗa, kalmomin suna fita a karkace. Ba ta daina sheƙa ba.

"Na sani."

"Yaya..."

"Tun ranar suna. Toka da tsamiya, a kihe cikin ƙyalle. Wa nik koya ma haka in ba ke ba?"

"Mi yas sa ba ki hwaɗi ba?"

"In ce mi? Ɗiyar Malam Abdussamadu ta, ba ni ba? Wa ka yarda?" Ta ajiye faifan. "Kuma yaron ga bai taɓa son wani abu kamar yadda shika son ki ba. Na ce in haɗiye. Shekara ukku nika haɗiya, na saba."

Na kama ƙafarta ina roƙon gafara. Ta janye a hankali.

"Ba cikin ɗakin ga anka zazzage mani akwati ba, Riskuwa. Ba ni ce maki ki tai, ba ni ce maki kada ki tai. Amma kada ki roƙe ni abin da za ki ji sanyi da shi ki koma gida ki yi lalle."

Maganar Baba ce, ta fito daga bakin wadda ba ta taɓa zama gaban allo ba. A motar komawa na yi ta neman wata ƙofar, ban samu ba.

Baba na fara gaya wa. Ya dube ni ya ce, "Ashe ke ce ƙawar." Ya sa takalmi ya raka ni har ƙofar Hajiya Baiwa, ya tsaya a waje. Ranar Juma'a ce da yamma, lokacin da matan unguwa ke taruwa gidanta. Na tsaya daidai bakin rijiyar da na taɓa ba Yaya Laure ruwa, na ce ni na ɗauki tasa, ni na mayar.

Kun san me suka yi? Ba su yarda ba.

"Kayya, ɗiyar kirki," in ji Hajiya. "So kike ki wanke yayar mijinki. Tashi, Allah shi yi maki albarka."

Na sha zaton ranar tona asiri za a rufe ni da duka. Ban taɓa zaton sai na yi gardama kafin a karɓi sunana na ɓarauniya ba. Ga ƙofa a buɗe, in yi murmushi in fita da lada biyu. Wallahi na leƙa ta. Sai na ji bakina yana lissafa gidaje: samira mai furen ja a Tudun Wada, farantin tangaran na 'yar gidan alƙali, langar da ta ɓace ta dawo da wani fure daban. Wata mata a gefe ta dafe ƙirji ta ce, "Tawa ta! Ni dai na ce ba ita ba ce!" Daga nan ba wanda ya ƙara sa mini albarka.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. Inna ta yi wata biyu ba ta fita ko gaisuwar mutuwa. Ɗaliban Baba suka ragu. Hajiya Baiwa ta ɗauki mota ta je Argungu da turmin atamfa ta ba da haƙuri, Yaya Laure ta karɓi haƙurin ta mayar da atamfar. Shekarunta uku dai ba wanda ya mayar mata. Wasu ma har yau cewa suke mu biyu muka haɗa baki.

Maliki bai aiko kaset ba. Hular da na ɗinka masa gwaggona ta kawo, a wanke, a ninke. Na zazzage ta ko akwai saƙo, babu.

Na koma ɗinkin hula a ɗaki. In na shiga gidan biki, ni ma na ga yadda jaka ke matsawa kusa da mai ita, na san abin da wata ta sha saboda ni. Sau ɗaya, cikin baƙin ciki, na je har bakin lungun Hodi da ɗan kunnen Inna a ƙulle a zanena. Na tsaya, na juyo, na mayar kafin ta nema. Ban gaya wa kowa ba sai ku.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, gwaggona ta zo da saƙo: Laure ta ce in zo Argungu ranar Laraba, akwai jere, gwiwarta ba ta hawa turmi yanzu. Na tambayi ɗakin wa. Gwaggo ta kalli gefe.

Ɗakin amaryar Maliki ne, wata 'yar Augie. A al'ada dangin amarya ke jere, amma uwar yarinyar da kanta ta ce hannun Laure take so, don gari ya gani.

Na je, da tsummokarana a faifai. Sabon ɗaki ne a gefen gidan, mai taga tana kallon fadama, wanda ya taɓa ba ni labarin gininsa a kaset. Da matan suka gan ni aka fara zunɗe. Yaya Laure ba ta kula su ba. Ta sa aka baje kayan a tabarma, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, a gabana, a gaban kowa. Ba ta taɓa yin haka ba a da. Sannan ta nuna mini turmi.

Na hau. Tana miƙo mini ina ɗorawa, fure yana kallon fure. Da muka zo kwallar sama, idona da kansa ya zaɓi wadda ba za a nema ba, wata 'yar samira ta uku a cikin seti. Har yau haka idona yake, shi ya sa ban ce muku "a da" ba. Na rufe murfin, na sauko, na buɗe mata tafukan hannuna ba tare da ta tambaya ba.

Ta bi bango da yatsa tana ƙirgawa, ta sa aka sauke kwallar sama ta ƙirga na ciki, aka mayar. Ɗakin ya yi kyau, ban taɓa jere mai kyansa ba. A waje na ji tarin wata tsohuwar mota da na sani, ana ihun a tura. Ban leƙa taga ba.

"Sun cika," in ji Yaya Laure.

Ta ɗauki mayafinta. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Asabar akwai wani a Gulma. Ki zaka da wuri." Ta gyara mayafi. "Can ma sai na ƙirga."

Na ce, "To, Yaya."